Yadda na hana kuɗin da Yaya ke turo mana daga Saudiyya narkewa a hanya

Yayana yana aikin tuƙi a Jidda, mu kuma muna wani ƙauye kusa da Ringim. Da can duk mako yake turo riyal ɗari biyu. Kafin mako ya zagayo kuɗi sun ƙare, Inna ta fara cin bashin masara.

Da na zauna na yi lissafi a bayan littafin makarantar ƙanina, sai na ga inda kuɗin ke zurarewa. Kowane aike da ladansa, wato sau huɗu a wata. Ga kuɗin acaɓa zuwa Ringim da dawowa, ga cajin mai POS.

Na kira shi na ce, "Yaya, don Allah ku riƙa haɗawa ku turo ɗari takwas lokaci guda." Ya yarda. Lada ya koma sau ɗaya, tafiya ma ɗaya.

Canji ne ya fi ba ni wahala. Wani mai aike zai ce ba ya karɓar lada, amma ya rage farashin riyal. Yanzu tambaya ɗaya nake yi: naira nawa za su shigo asusuna? Idan aka rage naira goma a kan kowane riyal, dubu takwas sun tafi a ɗari takwas.

Ranar da kuɗi suka shigo nake ware na hayar ɗakin ƙanina da ke karatu a Dutse, in tura wani asusu marar kati. Haya shekara-shekara ake biya, na raba ta gida 12. Hatsi kuwa tun kaka muka saya.