Yadda Ake Cire Igiyar Ruwan Nan Da Ke Fitowa A Hoton Yadi Ko Na Sikirin

Duk mai ɗaukar hoton yadi yana ɗorawa a sitatus ya san abin nan: ka shimfiɗa yadi ruwan toka mai siraran layuka, ka ɗauka, sai ka ga wasu zane-zane kamar igiyar ruwa sun kwanta a kai, wani wajen kore wani wajen ruwan hoda, alhali yadin babu ko ɗaya. Shi ne abin da manhajar gyaran hoto ta Lightroom ta rubuta da Moiré. Ba kyamararka ce ta lalace ba. Sensar kyamara ita ma jere take da ƙananan ɗigo layi-layi, to idan saƙar yadin ta yi ƙanƙanta har ta kusa daidai da wannan jerin sai su yi karo su haifar da zane na uku. Ka ɗora gidan sauro biyu ɗaya kan ɗaya ka ɗan karkata na sama, za ka gan shi da idonka.

Kafin ka taɓa komai, buɗe hoton a kwamfuta ka kai shi zum 100%, a Photoshop `Ctrl+1` ne. Wallahi na ga yara da yawa sun ɓata awa guda suna goge abin da babu shi. Sau tari hoton lafiyarsa ƙalau, sikirin ɗinka ne ya matse shi don ya shiga, matsewar ce ta kawo zanen. In a 100% ya ɓace, kada ka yi masa aiki, sauka ƙasa wajen rage girma kawai. In yana nan daram, to a cikin hoton yake.

Kuma in kayan na gabanka har yanzu, sake ɗauka ya fi komai arha. Matsa gaba taku ɗaya ko ka ja baya, ɗan karkata wayar kaɗan, ka duba a zum kafin ka naɗe yadin. Mai babbar kyamara ya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, hoton zai ɗan yi laushi kuma laushin nan shi ke kashe zanen. Ni dokata ke nan, yadi mai layi ko mai ƙananan akwatuna sau uku nake ɗaukarsa daga nisa daban-daban, ɗaya a ciki zai fito tas.

To a ce kaya sun riga sun tafi. Haka ta faru da ni, wani tela ya kawo kaftani ruwan toka da aikin zare mai ruwan gwal a wuya, na ɗauka a jikin mai shi, washegari mutumin ya yi tafiya da kayansa, ni kuma da dare na buɗe na tarar da bakan gizo daga ƙirji har aljihu.

Duba da kyau ka gane wane iri ne, domin iri biyu ne. Akwai na kala, wato kore da hoda da ruwan ɗorawa, akwai kuma na haske, inda layi ɗaya ya yi duhu na gefensa ya yi fari. Gwajin mai sauƙi ne, mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. In zanen ya tafi, na kala ne, ka yi sa'a. In ya rage, akwai na haske a ƙarƙashi.

Na kala ga yadda nake yi a Photoshop. `Ctrl+J` ka kwafi leyar. Shiga Filter, Blur, Gaussian Blur, ka fara jan Radius daga 5 kana ƙarawa a hankali har kalolin su narke su koma ruwan toka guda, a nawa hoton mai faɗin fiksel 6000 sai da na kai wajen 18, naka zai iya bambanta. Hoton zai yi dishi-dishi, kada ka tsorata. Canza yanayin leyar daga Normal zuwa Color, nan take saƙar yadin za ta dawo da kaifinta amma bakan gizon ya tafi, saboda kalar kaɗai ka shafe, hasken na leyar ƙasa ne.

Nan ne na yi ɓarna, kuma nan kowa ke yi. Na ga ƙirji ya gyaru na yi murna na tura wa tela. Da safe ya kira ni, ya ce Malam ina gwal ɗin aikina? Na duba, ashe shafewar ta bi hoton gaba ɗaya: zaren wuya ya dusashe ya koma kamar tsohon tagulla, ruwan gwal ɗinsa ya malala ya zauna a kan yadin gefe, fatar wuyan mutumin kuma ta ɗauki toka-toka a gefen kwala kamar bai shafa mai ba. Kala ba ta san iyaka ba in ka shafe ta. Don haka bayan ka sa Color, riƙe `Alt` ka danna maɓallin Add layer mask, zai ba ka baƙin mas ya ɓoye gyaran duka. Ɗauki burushi mai laushi da farar kala, ka shafa a inda zanen yake kaɗai, ka bar ɗan tazara tsakaninka da zare, maɓalli, fata da bakin riga. In zanen ya kai har jikin aikin zaren, sai ka koma leyar ƙasa ka zagaye yadin da Lasso tukuna, `Ctrl+J` ya cire shi a leya tasa, ka kunna Lock transparent pixels sannan ka yi Gaussian Blur ɗin ka sa Color, ta haka gwal ba zai samu hanyar shigowa ba. Wannan ya ci min minti ashirin amma shi ne aikin.

Masu shadda ku yi hattara, furen da ke cikin saƙarta da walƙiyarta ba wannan matsalar ba ce, nata ne, kar ka goge wa mutum abin da ya biya kuɗi a kai.

In ba ka da kuɗin Photoshop, Photopea kyauta ce a burauza kuma matakan ɗaya ne, data kawai za ta ci. Mai Lightroom kuma ya shiga Masking ya ɗauki Brush ya shafa wajen, sannan ya ja Moiré zuwa dama, ya fi aiki a hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, amma shi ma yana cinye kala a gefe in ka shafa da ganganci.

Na haske kam gaskiya ba ya fita tas. Ni dai Dodge da Burn nake sawa a Exposure 5% ina bin layukan, masu duhu in ɗaga su, masu haske in danne su, har ido ya daina kamawa. In ya yi yawa, nemo yadin a sake ɗauka.

Hoton sikirin kuwa, in kwamfutar a hannunka take me ya kai ka ɗauka da waya, danna `Win+Shift+S` ka huta. In dole ne, ja baya, sa fokas ya faɗi a kan firam ɗin sikirin ko wani abu da ke ɗan gabansa don ɗigon su narke. Baƙaƙen layuka masu faɗi da ke tafiya sama da ƙasa wani ciwo ne daban, ƙiftawar haske ce, rage gudun shota zuwa 1/60 ko 1/30 a yanayin Pro na kyamarar wayarka.

Sai rage girma. WhatsApp yana matse hoto da kansa kuma zanen kan iya dawowa a nan, don haka ka rage da hannunka a Image Size, tsawo 1600, zaɓi Bicubic, ban da Nearest Neighbor, kada ka ƙara masa kaifi. Tura wa ɗaya lambar taka ka duba a waya kafin ya je wajen kwastoma.