Shawara kan gyaran zaure kafin barka da Salla

'Yan'uwa, mai shirin tarbar baƙi ya guji shimfiɗa tabarma daf da bakin ƙofa. A bar kamar taku biyu don cire takalmi, in ba haka ba kafin Azahar tabarmar ta cika da ƙura. Tabarmar kaba a ƙasa, darduma a kai inda dattawa za su zauna. Labule ko asabarin ƙofa a ɗaure shi gefe guda, domin mai sallama ya ga inda zai taka.

Turaren wuta kuwa nan ake yin kuskure. A bari gawayi ya ruru har toka ta rufe shi, sannan a zuba kaɗan a kasko. Idan hayaƙin ya fara ƙauri, wuta ta yi yawa. A turara zauren tun kafin a sauko daga Idi saboda masu asma, a janye kaskon nesa da labule da yara.