Darasi na Takwas: Takardar Ajiye Aiki

Wani akawun banki a Birnin Kebbi ya shekara shida yana aiki a kan kanta. Mahaifinsa na da injin casar shinkafa a Argungu, ga tsufa ya kama shi, ga kaka ta matso. 'Yan'uwa suka taru suka ce shi ne zai dawo gida ya riƙe harkar. Kafin ya tafi, sai ya rubuta wa banki takardar ajiye aiki.

Kafin ka ɗauki biro, nemo takardar da aka ɗauke ka aiki da ita, ka duba kwanakin notis. Notis shi ne wa'adin da za ka ci gaba da zuwa aiki bayan ka faɗi cewa za ka tafi, domin a sami wanda zai karɓe ka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ajiye mafi ƙarancinsa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya kai shekara biyu bai kai biyar ba, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. In takardar ɗaukarka ta faɗi wa'adin da ya fi wannan tsawo, ita za ka bi.

Akawunmu wata ɗaya ne a kansa. Ya miƙa takarda ran Litinin, 6 ga Oktoba, 2025. Ranar da aka miƙa ba ta shiga lissafi, saboda haka ƙirga ta fara daga 7 ga wata, ranarsa ta ƙarshe ta faɗo Alhamis, 6 ga Nuwamba. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai su rubuta "nan ba da daɗewa ba", ko su daina zuwa washegari. Wanda ya yi haka, banki na iya cire albashin wata guda daga haƙƙinsa a madadin notis, kuma fayil ɗinsa zai nuna gudu ya yi. Ga abin da ya rubuta:

6 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Manaja,
Reshen Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

AJIYE AIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akawu. Wannan takarda ita ce notis ɗina na wata ɗaya, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce Alhamis, 6 ga Nuwamba, 2025.

Mahaifina ya manyanta, zan koma Argungu in kula da sana'ar gidanmu.

Na gode da riƙon da kuka yi mini shekara shida. Abin da na koya a wurinku na tsare lissafi da haƙuri da jama'a, da shi zan riƙe wancan aiki. Kafin in tafi zan miƙa duk abin da ke hannuna ga wanda kuka zaɓa, in kuma nuna masa aikin.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Wane ɗan Wane
Lambar ma'aikaci

Dubi dalilin tafiyar, layi ɗaya tak. Bai kawo labarin ciwon tsoho ba, bai kawo ƙarin girman da aka hana shi ba. Takardar nan fayil za ta shiga, kuma wanda bai san ka ba zai karanta ta bayan shekaru. In kana da ƙorafi, faɗa wa manaja baki da baki. Godiyar kuwa ka sa ta kama wani abu na gaske da ka koya, kamar yadda ya ambaci lissafi. Ka tuna gobe kai ne za ka shigo bankin nan da kuɗin shinkafa, wataƙila har ka nemi rance.

Da Turanci bankuna ke ajiye takardunsu. Tsara taka da Hausa tukuna, sannan ka mayar da ita ko ka sa a taimake ka, amma ka duba kwanan wata da idonka. Yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata, ka adana shi a gida. In akwai bashin ma'aikata a kanka, tambayi ragowarsa tun yanzu, don a kan cire shi daga haƙƙinka na ƙarshe. Katin shaida, makullan durowa da hatimin kanta, duk ka miƙa su a rubuce, wanda ya karɓa ya sa hannu.

Aikin yi: Wata ma'aikaciya a Jega ta shekara uku a banki, takardar ɗaukarta ba ta faɗi wa'adi ba. Za ta koma ta riƙe shagon atamfofin mahaifiyarta, kuma ta miƙa takarda ran Litinin, 3 ga wata. Nemo ranarta ta ƙarshe, sannan ka rubuta mata takardar cikin jimla shida.