Yadda ake zaɓar haifabaiza ga ƙaramin ɗakin sabar: nau'i na ɗaya ko na biyu

Haifabaiza manhaja ce da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama masaukin kwamfutoci da yawa, kowacce da nata ram da faifai da babbar manhaja. Masu sana'ar suna kiran waɗannan kwamfutocin baƙi, injin da ya sauke su kuma mai masauki. Tun 1973 Robert Goldberg ya kasa haifabaiza gida biyu, har yau kuma da wannan rabon ake aiki.

Nau'i na ɗaya a kan ƙarfen injin yake zaune kai tsaye. Da an kunna sabar shi ne ke tashi, shi ke riƙe da firosesa da ram yana rabawa baƙi. VMware ESXi da Xen da Hyper-V suna nan, haka ma Proxmox VE, wanda aka gina a kan Debian da KVM. Nau'i na biyu, irin su VirtualBox da VMware Workstation, ɗan haya ne: ana girka shi a cikin Windows ko Linux kamar kowace manhaja, duk abin da ya sami mai gida kuwa ya same shi. Hyper-V yakan rikita mutane, don daga cikin Windows ake kunna shi. Amma da an kunna, sai ya shige ƙarƙashi, Windows ɗin ta koma tana gudana a kansa, shi ya sa ake lissafa shi a na ɗaya.

Mataki na farko ba a kan injin ake yin sa ba. Ɗauki takarda ka rubuta kowane baƙo da kake so, a gaban kowanne ka amsa wannan: idan injin ya mutu ya sake tashi da ƙarfe uku na dare, babu kowa a ɗakin, dole ne wannan baƙon ya dawo da kansa?

Mu ɗauki ofis mai ma'aikata 15 da sabar guda, firosesa mai ƙwaya 8, ram gigabait 32, faifai terabait 2. Ana son sabar fayiloli, da rumbun bayanan lissafin kuɗi, da ƙaramin baƙo mai kula da firintoci, sai kuma wani na gwaji da ake jarraba sabuntawa a kansa kafin a kai ta ga sauran. Ukun farko amsarsu e ce. Na huɗun, ko ya kwana a kashe ba wanda zai sani.

A nan bambancin yake fitowa. Ka ce ukun nan suna cikin VirtualBox a kan Windows. Windows ta sauke sabuntawa cikin dare, ta sake kunna kanta, ta tsaya a shafin shigar da kalmar sirri. Da safe fitilun sabar suna ci, fanka na juyawa, amma babu mai iya buɗe fayil, domin baƙin suna jiran wani ya shigo ya danna Start. Akwai dabarun sa VirtualBox ta tayar da baƙi da kanta, kuma suna aiki, sai dai ƙarin gini ne a kan abin da ba don haka aka yi shi ba, kuma ba sa hana wani ya zauna a gaban injin ya rufe abin da bai sani ba. Mutane sun fi yawan kawo maganar sauri, wai na ɗaya ya fi gudu. Ya ɗan fi, musamman wajen faifai da sadarwa, amma tunda firosesocin yanzu ke taimaka wa nau'ukan biyu, ofis mai mutum 15 ba zai ji tazarar sosai ba. A ganina tashi ba tare da mutum ba shi ne hujjar da ta isa. Don haka ukun nan nau'i na ɗaya za su hau.

Mataki na biyu, tabbatar firosesa ta yarda da sauke baƙi. Intel na kiran wannan damar VT-x, AMD kuma AMD-V. Tayar da injin da Linux daga filash ka buga:

```
grep -cE 'vmx|svm' /proc/cpuinfo
```

Lambar da ta wuce sifili na nufin akwai. In sifili ya fito, shiga BIOS ka nemi Intel Virtualization Technology ko SVM Mode ka kunna, don wasu injuna a kashe suke zuwa da shi.

Na uku, lissafin ram, wanda ke riga firosesa ƙarewa a yawancin ƙananan sabar. Mu ce Proxmox ka ɗauka cikin nau'i na ɗaya: yana son kusan gigabait 2 don kansa, in kuma ka zaɓi ZFS a matsayin tsarin adana fayiloli a faifai, ƙara kusan gigabait 1 ga kowane terabait na faifai. Huɗu sun tafi ke nan. Ba rumbun bayanai 12, sabar fayiloli 6, mai firintoci 2. Jimla 24, saura 8. Kada ka rabar da takwas ɗin don kawai suna nan. Ranar da za ka dawo da baƙo daga ajiya ka duba shi a gefen na asali, su za ka nema. Ƙwayoyin firosesa kam ana iya rabawa fiye da adadinsu, tunda ba duk baƙi ke aiki tuƙuru lokaci guda ba. Ram ne ba ya son wannan wasan: in ya ƙare, mai masauki zai fara jingina da faifai, komai ya yi nauyi, wani lokaci ma ya kashe baƙo guda don ya tsira.

Sai girkawa. Mai girka Proxmox yana share faifan da ka nuna masa gaba ɗaya, saboda haka kwashe abin da ke ciki tukuna. Ba shi adireshin da ba ya canzawa. In ya gama, baƙin allo da 'yan rubutu kawai za ka gani, kada ka zaci ya lalace. Daga wata kwamfutar ake sarrafa shi ta burauza:

```
https://192.168.1.10:8006
```

Adireshin misali ne, sa naka. Ƙirƙiri baƙin, ka haɗa katin sadarwarsu da gadar vmbr0 don su sami adireshi a layin ofis kamar kowace kwamfuta. Sannan abin da ake yawan mantawa: sabon baƙo ba ya tashi da kansa sai an ce masa. A shafin Options na kowanne kunna Start at boot, ko ka buga wannan ga baƙo mai lamba 100:

```
qm set 100 --onboot 1
```

A Start/Shutdown order kuma ka sa rumbun bayanai ya riga masu dogara da shi tashi. Daga nan sake kunna sabar, ka naɗe hannu, ka je teburin wani ma'aikaci ka buɗe fayil. In ya buɗu ba ka taɓa komai ba, aikin ya yi. Ka tuna dai cewa yanzu faifai guda ke ɗauke da ayyuka uku. Hoton Snapshot, wato hoton halin da baƙo yake ciki da ake iya komawa gare shi, a kan wannan faifan yake kwana, in faifan ya mutu tare za su tafi, don haka tsara ajiyar kwafi zuwa wani injin daban.

Baƙon gwaji kuwa VirtualBox a kan kwamfutarka ya fi dacewa da shi: ka ɗauki hoto, ka jarraba, in ta ɓaci ka koma baya cikin minti ɗaya. Matsala biyu ke yawan tasowa a nan. In baƙon yana shiga intanet amma sauran kwamfutoci ba sa ganin sa, duba adireshinsa. Idan 10.0.2.15 ne, yana kan NAT, wato a ɓoye yake bayan kwamfutarka, mayar da shi Bridged Adapter. In kuma yana jan ƙafa kana ganin ɗan koren kunkuru a ƙasan tagarsa, Hyper-V ne ya riga ya karɓe VT-x, VirtualBox na bi ta hannunsa. Ko ka kashe Hyper-V da abubuwan Windows da ke dogara da shi, irin su WSL 2, ko ka mayar da baƙon gwajin cikin Hyper-V ɗin kawai.