Yadda ake buɗe wa ma'aikata asusu da raba izinin dosiye a NAS

Mu ɗauki ofishin wani ɗan kasuwar aya da gyaɗa a Maraɗi, mai mutum 5: maigida, ma'aji, magatakarda 2 da mai sito. NAS ɗin ofishin, wato na'urar ajiyar fayiloli da duk kwamfutocin ofis ke shiga, ta Synology ce mai manhajar DSM 7, an saita allonta da Faransanci.

A fara da rukuni, kafin a taɓa sunan kowa. A shiga Panneau de configuration, sannan Utilisateur et groupe, a buɗe rukuni 2: `kudi` na maigida da ma'aji, `sito` na maigida da sauran ukun. Ran da aka ɗauki sabon ma'aikaci, sa shi a rukuni kawai za a yi. A Dossier partagé kuma a buɗe dosiye 3: `Kudi`, `Kaya` da `Kowa`.

Daga nan a buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa. Kada mutum biyu su haɗa asusu ɗaya, don in takarda ta ɓace ba za a san hannun wa ba ne. Tsohon asusun `admin` a kashe shi, bayan an buɗe wani na shugabanci da wani suna.

Izini iri 3 ne: Lecture seule na dubawa kawai, Lecture/Écriture na dubawa da gyarawa da gogewa, sai Pas d'accès na hani. A `Kudi`, rukunin `kudi` ya samu Lecture/Écriture. A `Kaya`, `sito` ya rubuta, `kudi` ya duba kawai. `Kowa` a ba rukunin `users`, wanda duk asusu ke cikinsa kai tsaye.

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. In izini biyu suka ci karo, Pas d'accès ne ke rinjaye, sai Lecture/Écriture, sai Lecture seule. To, in aka sa wa `users` hani a `Kudi` don a kore magatakarda, ma'aji ma ya tsaya a waje, tunda shi ma ɗan `users` ne. Haka maigida zai rasa `Kudi` in aka hana `sito`. Maganin shi ne a bar akwatunan babu maki: wanda ba a ba izini ba, ai ba zai shiga ba.

A gwada daga kwamfutar kowa. A Windows, a rubuta adireshin na'urar, misali `\\192.168.1.20\Kudi`. In magatakarda ya iya shiga `Kudi`, mai yiwuwa kwamfutar ta riƙe asusun wanda ya saita ta ne, don Windows ba ya yarda da suna biyu a kan na'ura ɗaya lokaci guda. A yanke tsohon haɗin da wannan umarni a Invite de commandes:

```
net use * /delete
```

In an taɓa ajiye kalmar sirri, a cire ta a Gestionnaire d'identification, sannan a sake shiga da sunan mai kwamfutar.