Yadda Ake Shanya Kilishi a Gida Ba Tare da Ya Lalace Ba

Ɗanyen naman sa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, kuma wannan ruwan shi ƙwayoyin cuta suke bukata kafin su hayayyafa su ruɓar da shi. Idan rana da iska suka janye ruwan har ya zama saura kimanin kashi 10 cikin 100, sai ƙwayoyin su kasa yaɗuwa. Gishirin da ke cikin haɗi yana ƙara tsotse ragowar laimar. Sai dai bushewa ba ta kashe su duka. Wasu, irin su Salmonella, lafewa kawai suke yi har su sake samun laima. Saboda haka dattin da ya shiga naman tun wurin yanka yana iya kaiwa bakin mai ci, in ba wuta ce ta raba su ba.

A ɗauki misalin kilo 2 na tsokar cinya. A saye ta da sassafe daga mahaucin da ya yi yanka a ranar, a fara aiki da zarar an isa gida. A cire kitse da jijiya kakaf, domin kitse ba ya bushewa, kuma shi ne yake fara sauya wari idan kilishi ya kwana biyu a ajiye. Kafin a taɓa naman a wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da katako da ruwan zafi, kuma kada wannan katakon ya koma yankan albasa sai an sake wanke shi.

Fiɗar naman ita ce matakin da ya fi bukatar haƙuri. Ana son kauri bai wuce milimita 3 ba, kuma ya zama ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Inda aka bar tudu, samansa zai bushe ya yi ɓawo, cikinsa kuwa ya riƙe ruwa, daga nan ruɓa take farawa ko da sauran ya bushe ƙayau. Wanda hannunsa bai faɗa ba kamar na mahautan Agadasawa a Kano, ya sa naman a firiza na kusan awa ɗaya ya ɗan sandare, wuƙa za ta fi bin sa.

A shimfiɗa shi a kan gadon kara ko ragar waya mai tsabta, a ɗaga daga ƙasa har zuwa ƙugu don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, nesa da kwata da turken dabbobi da inda kaji suke tono. A rufe da gidan sauro wankakke, amma a tokare shi da sanduna kada ya kwanta a kan naman, domin ƙuda yana iya sauka a kan ragar ya zuba ƙwai ta cikin huda. Da ranar hunturu ko ta bazara, yini guda kan isa, a juya shi sau ɗaya da tsakar rana. Kilo 2 ɗin zai koma ƙasa da kilo 1, ya yi duhu, ya daina manne wa yatsa. Da damina kuwa, a ganina gara a haƙura, ko a busar a murhun gashin burodi da wuta kaɗan, ƙofarsa a ɗan buɗe, domin naman da ya kwana da laima a cikin zafi ya riga ya kama hanyar lalacewa.

Sai labu, wato tunkuza da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa da gishiri, a dama su da kauri kamar kunu. Ruwan damun ya zama tafasasshe da ya huce, domin labu yana mayar wa naman laimar da aka sha wahalar cirewa. A duba gyaɗar sosai: wadda ta yi funfuna tana iya ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita. A tsoma naman ya jiƙa, a sake shanyawa nan take har labun ya bushe a jikinsa. Ragowar labun da nama ya shiga zubarwa ake yi, ba a ajiye shi sai gobe.

Daga nan a gasa a kan garwashin da ya daina hayaƙi, ana juyawa, har zafi ya ratsa ko'ina mai ya ɗan tsattsafo. Wannan gashin ne yake kashe abin da rana ta bari, don haka ba a tsallake shi. A sauke a tire mai tsabta, ba wanda ɗanyen nama ya taɓa ba, a bari ya huce sarai kafin a rufe. Idan aka ƙulle shi a leda da ɗuminsa zai yi gumi, funfuna ta biyo baya. A naɗe a farar takarda, ba tsohuwar jarida ko takardar siminti ba, a sa a mazubi mai murfi a wuri busasshe. Duk wanda aka ga ya yi laushi, ko yauƙi, ko farin gashin funfuna, ko warinsa ya sauya, a zubar da shi, kada a ce za a sake gasawa a ci.