Yadda ake gwajin CBR da fitar da kaurin titi a kan ƙasar fadama

Hanyar karkara a Sakkwato ba kasafai take mutuwa a kan tudu ba. Inda take karyewa shi ne wurin da ta gangara fadamar gulbin Rima ko ta gulbin Sakkwato, kamar yadda ake gani a yankunan Kware, Wurno da Wamakko. Lakar fadama da rani sai an sa diga, amma a watan Agusta, in ta sha ruwa, da yatsa ma kana iya lotsa ta. Don haka ƙarfinta na damina ake aunawa, kuma aikin gwajin CBR ke nan, wato gwajin da ke kwatanta ƙarfin ƙasa da na niƙaƙƙen dutse, ya ba da sakamako a kashi cikin ɗari. Bari mu ɗauki misalin hanya mai kilomita uku wadda mita 800 daga cikinta suka ratsa fadama.

Fara da raba hanyar gida biyu, tudu daban, fadama daban. A cikin fadamar ka haƙa ramuka goma masu zurfin mita ɗaya. Kankare ƙasar sama mai saiwoyi ka zubar, ka ɗebi wadda titi zai zauna a kanta, kamar kilo 40 daga kowane rami, ka rubuta wa kowane buhu wurin da ya fito.

A ɗakin gwaji ana fara gwajin daɓe, don a san yawan ruwan da ƙasar take buƙata kafin ta daɓu iyakar daɓuwa. Da wannan ruwan ake kwaɓa ta a zuba a gwangwanin ƙarfe mai faɗin milimita 152. A ma'aunin daɓe na Afirka ta Yamma, hawa biyar ake yi, kowane hawa bugu 25 da guduma mai kilo 4.5. Ka tabbata daɓen da aka yi a gwangwani irin wanda rola za ta iya yi ne a fili. Idan aka daɓe samfur fiye da haka, lambar za ta yi kyau a takarda, ƙasar da ke ƙarƙashin titi kuwa ba za ta kai ta ba.

Daga nan sai jiƙo, kuma a nan ne gaggawa take ɓata aiki. Ana ɗora wa samfur zoben ƙarfe mai nauyin kilo 4.5 a madadin nauyin titi, a nutsa shi cikin ruwa kwana huɗu. Ɗan kwangila zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, kwana ɗaya ai ya isa, aiki na jiranmu." Ga ƙasar tudu mai yashi ana iya duba wannan magana, amma ga lakar da za ta yi makonni tana kwance cikin ruwa, kwana huɗun nan ba abin ragewa ba ne, domin laka a hankali take shan ruwa, kwana ɗaya bai kai cikinta ba. Ka kafa agogon awo a kan samfur tun ranar farko. In allurar ta nuna ya kumbura da milimita uku a tsayinsa na milimita 127, ya wuce kashi 2 cikin ɗari ke nan, kana da laka mai kumburi, irin wadda take tsaga titi a tsaye idan rani ya yi.

Bayan an tsame shi ruwa ya tsiyaye na minti goma sha biyar, sai a kai shi injin. Sandar ƙarfe mai faɗin kusan milimita 50 tana shiga ƙasar a hankali, kamar milimita ɗaya a minti, kai kuma kana rubuta ƙarfin da ta buƙata. Wurare biyu ake dubawa, nutson milimita 2.5 da na milimita 5, a gwada ƙarfin da ka rubuta, wato P a ma'aunin kN, da ƙarfin da niƙaƙƙen dutse mai kyau yake ɗauka:

```
CBR (2.5 mm) = P / 13.2 kN x 100
CBR (5.0 mm) = P / 20.0 kN x 100
```

A ce agogon injin ya ba da kN 0.50 a nutso na farko, 0.70 a na biyu. Na farko ya fito 3.8, na biyu 3.5, sai a ɗauki babban, wato kusan 4. Amma kafin lissafi ka zana sakamakon a takarda. Idan layin ya fara a kwance sannan ya miƙe, sandar ba ta zauna daidai a fuskar samfur ba, dole a matsar da mafarin layin, in ba haka ba za a rage wa ƙasar ƙarfinta.

To, a ce ramuka goman sun ba da 3, 4, 4, 4, 5, 5, 6, 6, 7 da 9. Mai neman sauƙi zai tara ya raba goma ya samu 5.3. Kada ka yarda da wannan. Titi a inda ya fi rauni yake fashewa, ramin da ya ba da 9 ba zai taimaki wanda ya ba da 4 ba. Ana ɗaukar lambar da tara cikin goma suka kai ko suka wuce, a nan ita ce 4. A littafin tsara titunan ƙasashe masu zafi mai lamba 31, wanda cibiyar binciken sufuri ta Birtaniya ta sake bugawa a 1993, ƙasa mai 3 zuwa 4 tana ajin S2, mai 5 zuwa 7 tana S3. Ka ga matsakaicin ya ɗaga ƙasar zuwa ajin da ba nata ba.

Saura nauyin da hanyar za ta ɗauka. Babura da ƙananan motoci ba sa cikin lissafi, manyan motoci ake ƙirgawa, kuma ranar kasuwa da lokacin kwasar albasa da shinkafa su shiga ƙirgar. Ma'aunin shi ne gatarin mota mai ɗauke da kilo 8,160. Ɓarna ba ta tafiya kai ɗaya da nauyi: gatari mai tan 13, irin na tifar yashi da aka cika maƙil, yana yin ɓarnar wajen gatari takwas na ma'auni. A ce motoci 20 ne a rana a hannu ɗaya, kowacce daidai da gatari biyu. A shekara 15 an sami 219,000, in an ƙara haɓakar kashi 3 cikin ɗari duk shekara ya kai wajen 270,000. Bai kai 300,000 ba, saboda haka a littafin nan ajin nauyinta T1 ne.

Inda S2 da T1 suka haɗu a jadawalin titi mai yayyafin kwalta, hawa uku ne. A ƙasa ciko mai milimita 200 da zaɓaɓɓiyar ƙasa wadda CBR ɗinta ya kai 15, sai marmara milimita 150 mai aƙalla 30, sai hawan sama milimita 150 mai aƙalla 80. Jimla rabin mita. Da an bi matsakaici, da milimita 350 za a zuba, babu ciko sam, marmara ta zauna kai tsaye kan laka, damina biyu ko uku taya ta cusa ta ciki. A kan tudu kuwa, in ƙasar ta ba da 15 ko fiye, milimita 250 sun wadatar, kuɗin da aka rage a can su ne za su biya cikon fadama.

Marmarar ma a gwada ta daga ramin da za a ɗebo ta, don ba kowace jar ƙasa ke kai 80 ba, wani lokaci sai an gauraya ta da siminti. Idan kuma lakar ta gaza 3, ko kumburinta ya yi yawa, jadawalin kaɗai ba zai fisshe ka ba: ko a kwashe ta a maye da wata, ko a gyara ta da farar ƙasa ta gini. Rabin mitan nan kuma an lissafa shi ne a kan cewa ruwa ba zai kwanta cikin hawan titin ba. Ka tambayi dattawan ƙauyen iyakar inda ambaliya take kaiwa, ka duba shaidarta a jikin itatuwa, ka ɗaga ciko sama da wurin, sannan ka sa kwalbatin da za su ishi ruwan ya wuce.